Rahoto mai shafi 52, minti 15 aka ba ni, silaid ɗina sun koma littafi

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa, kaina ya kulle. Ina aiki da wata 'yar ƙaramar ƙungiya, mun yi zagayen duba rijiyoyin burtsatse a mazaɓu shida. Asali ba ni ce zan yi bayanin ba, abokin aikina ne, sai aka yi masa rasuwa ya tafi gida, oga ta ce tunda ni na rubuta rahoton ni zan tsaya. Wata huɗu na yi a kansa, ga jinyar yarinya a tsakiya, wani babin ma a bakin gadon asibiti na rubuta shi a waya. Shafi 52 ne. Ranar Alhamis za a yi zaman, minti 15 aka ba ni. Na kwashe shi cikin PowerPoint, yanzu silaid 47 gare ni, kowanne cike da rubutu, wani sai na matso da fuska nake iya karantawa. Duk abin da na goge sai in ga kamar shi za a tambaye ni. Yaya ake rage irin wannan ba tare da an zubar da aikin ba?

Auwal Dizain:

Wa alaikumus salam Anti. Ki turo min fayil ɗin, ina da samfura masu kyau, shuɗi da fari, har da hoton ɗigon ruwa a gefe. Zan sa miki rubutun ya riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Wallahi idan suka gani ba wanda zai ce ba kamfani ne ya yi ba.

Baban Khalifa:

Auwal, ƙyale kwalliya tukuna. Mai ciwon ciki ba lalle take nema ba.

Ƙanwata, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Kin ba mu labarin asibiti amma ba ki gaya mana abu uku da aikin ya rataya a kansu ba. Su wa za su zauna a gabanki? Me kike so su yi idan kin gama, hannu za su sa a kan kuɗi ko saurare kawai za su yi su tashi? Kuma za a raba musu rahoton, ko sun riga sun gani?

Kafin ki amsa, yi wannan lissafin. Minti 15 daƙiƙa 900 ne. Ki raba da 47, kowane silaid ya sami daƙiƙa 19. Ɗauki ɗaya daga cikin masu cikar nan, ki karanta shi da ƙarfi kina kallon agogo. Na tabbata zai ci miki kusan minti guda. Ke nan ko ba ki ƙara kalma ɗaya daga bakinki ba, lokacinki zai ƙare kina wajen silaid na 15 ko 16, kuma na san shawarwarinki suna can ƙarshe. Za a ce miki “Hajiya a taƙaita”, ki hau danna maɓalli da gudu, abin da ya kawo ki ya wuce kamar walƙiya. Na ga an yi haka ya fi a ƙirga.

Maman Ilham:

Amin na gode Yaya. Akwai daraktan ayyuka na ƙaramar hukuma, da kansiloli, da wakilin hakimi, sai mutum biyu daga masu ba mu tallafi. Ba a raba musu rahoton ba, oga ta ce bugawa da tsada. Amma gaskiya ba haka kawai na zuba rubutun ba. Ita ce ta ce in tabbata komai ya fito don su san mun yi aiki.

Baban Khalifa:

Har yanzu ba ki amsa ta tsakiyar ba. Me kike so su yi?

Maman Ilham:

To, mun duba rijiya 84, guda 31 ba sa aiki. A cikinsu 19 tuƙa-tuƙa ne da ƙaramin gyara ya kwantar da su, roba ko sarƙa ko rodi. Takwas masu sola ne, wasu sumo ya ƙone wasu an sace faranti. Huɗu kuma sun ƙafe. Muna so a amince a gyara 19 ɗin nan kafin bazara, kuma a kafa kwamitin kula a duk inda babu.

Baban Khalifa:

Alhamdu lillahi. Kin ga abin da kika rubuta yanzu? Layi huɗu, ba ki buɗe rahoton ba, kuma duk wanda ke cikin zauren nan ya gane. Wannan shi ne bayaninki. Da na matsa miki sai ya fito da kansa. Matsalar ita ce kin fara aikin daga shafi na ɗaya na rahoton kina gangarowa, alhali daga wannan amsar ya kamata ki fara ki koma baya.

Rahoto yana tafiya ne yadda aka yi aikin: gabatarwa, tarihin matsala, hanyar da aka bi, sakamako, sannan shawara. Mai karatu yana da damar tsallake shafi, ya leƙa ƙarshe, ya dawo. Wanda ke zaune yana kallon allo ba shi da wannan damar, inda kika kai shi nan yake. Shi ya sa tsarin rahoto ba ya zama tsarin silaid. Darakta zai iya tashi amsa waya a minti na shida, kada ya dawo. Dole ya fita da buƙatarki a kunnensa.

Ga yadda za ki yi yau da dare. Rufe laftof ɗin. Da gaske nake, rufe shi, domin muddin yana buɗe hannunki zai koma ga kwafa da mannawa. Sami takarda ki yanka gida goma. A kowace ki rubuta jimla ɗaya tak, cikakkiyar jimla mai ɗauke da magana, irin wadda mutum zai iya cewa “ban yarda ba”. “Sakamakon bincike” ba magana ba ce, sunan babi ne. “Cikin rijiya 84, guda 31 ba sa ba da ruwa” magana ce. “Nau'o'in lalacewa” ba magana ba ce. “19 daga cikin 31 ƙaramin gyara kawai suke jira” magana ce. Waɗannan jimlolin su ne za su zama taken silaid ɗinki. Ki jera takardun a kan tabarma ki karanta su a jere. Idan wanda bai san aikin ba ya ji su ya gane abin da ya faru da abin da ake nema, an gama rabin aiki. Idan kin ji tsalle a tsakanin biyu, akwai wadda ta ɓace. Idan biyu suna faɗin abu ɗaya, yaga guda.

Sai bayan nan ki ɗauko rahoton da biro. Kowane sakin layi ki tambaye shi ina ne gidansa, gida uku ne kawai: allo, baki, ko hannu. Na allo shi ne abin da sai an gani ake yarda, lamba, taswira, hoton famfon da ya karye. Na baki shi ne bayani da dalili da labari, wannan ki zuba shi a akwatin Notes da ke ƙarƙashin kowane silaid, ke kaɗai za ki gani. Na hannu shi ne wanda sai an zauna an duba, kamar jerin rijiyoyin nan 84 da kuɗin kowane gyara. Ba a goge komai ba, kowa gidansa aka kai shi. Za ki ga babin gabatarwa da na tarihi kusan gaba ɗaya ba su da gurbi a allo, kuma babin hanyar bincike layi biyu ne: rijiya nawa, mazaɓa nawa, daga yaushe zuwa yaushe, wa ya duba.

Sadiya Tela:

Wayyo wannan ya tuna min ranar kare furojet ɗina. Haka na cika allo da rubutu, malamin da aka gayyato daga waje ya bar ni na karanta silaid uku, sai ya ce “mu ma mun yi firamare, mun iya karatu”. Aji duka aka kwashe da dariya. Abin haushin, mai duba aikina ne ya ce in sa komai, ranar kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta danna waya. Shekara shida ke nan ban manta ba. Don haka 'yar uwa kada ki dogara da cewa oga ce ta ce, ranar ke kaɗai za ki tsaya.

Mubarak Kwamfuta:

Akwai ƙa'ida ta duniya a kan wannan, 10/20/30 ta Guy Kawasaki. Silaid 10, minti 20, girman rubutu 30. Kada ki wuce, kada ki gaza. Sannan ba sai kin sha wahalar takarda ba, PowerPoint yana iya yi miki. Idan kin sa wa kanun rahoton Heading 1 da Heading 2 a Word, ki je New Slide ki zaɓi Slides from Outline, zai ɗebo su ya jera miki cikin daƙiƙa biyar.

Baban Khalifa:

Mubarak, rabin maganarka daidai ne. Girman rubutun na yarda, domin idan ka tilasta wa kanka 30 ko da 24 ne, sakin layi ba zai shiga ba, dole ka zaɓa. Amma Kawasaki ya faɗi wannan ne don masu zuwa neman jari wurin masu zuba kuɗi a sababbin kamfanoni, ba aya ba ce. Ita minti 15 gare ta, ba 20 ba. Slides from Outline kuwa shi ne ainihin abin da nake hana ta. Kanun babi zai ɗebo mata, “Gabatarwa”, “Manufofi”, “Sakamako”, a jeren rahoto, ta koma gidan jiya.

Tunda an taɓo girman rubutu, Maman Ilham, kin san me ya sa naki ya ƙanƙance? Idan kika manna rubutun da ya fi ƙarfin akwati, PowerPoint yakan matse shi da kansa don ya shiga, ba ya tambayarki. Danna dama a kan akwatin, Format Shape, ɓangaren Text Box, ki zaɓi Do not Autofit. Daga nan duk rubutun da ya yi yawa zai zubo waje ki gan shi da idonki, ki san ragewa za ki yi. Kuma ki gwada wannan: kunna silaid ɗin ya cika fuskar laftof, ki ja da baya taku huɗu ko biyar. Abin da ba ki iya karantawa daga nan ba, kansilan da ke layin baya ba zai gani ba, balle idan majigin ya tsufa kuma rana na shigowa ta taga.

Maman Ilham:

Na fahimta Yaya, amma akwai wuraren da ba sa raguwa. Ga misali, wannan yana shafi na 29. Da Turanci yake, na mayar da shi Hausa:

“Bincike ya nuna akwai alaƙa tsakanin samuwar kwamitin kula da rijiya da kuma ci gaba da aikinta. Daga cikin rijiyoyi 84 da aka ziyarta, 40 suna da kwamitin da ke karɓar kuɗin gyara daga masu ɗiba, kuma 6 ne kawai daga cikinsu aka samu a lalace. A ɗaya ɓangaren, rijiyoyi 44 ba su da kwamiti ko kuma kwamitin ya daina zama, kuma 25 daga cikinsu ba sa aiki. Mazauna sun bayyana cewa idan famfo ya lalace sukan jira wanda ya gina shi ya dawo. Sai dai ya kamata a lura cewa 28 daga cikin rijiyoyin da ba su da kwamiti sun haura shekara goma da ginawa, don haka tsufa ma na iya zama dalili.”

Wanne zan cire a nan? Duk suna da amfani, kuma kowace jimla sai da na yi mata yawo a rana.

Baban Khalifa:

Madalla, irin wannan nake so. Ba wanda ya ce ba su da amfani. Kalli yadda za a raba musu gida.

Jimlar farko gabatarwa ce, ba ta ɗauke da komai da lambobin ba su faɗa ba, ta tafi. Ta biyu da ta uku su ne naman. 6 cikin 40 kashi 15 ne cikin ɗari, 25 cikin 44 kusan kashi 57. To ga takenki:

Inda babu kwamiti, fiye da rabin rijiyoyin sun lalace

A ƙarƙashinsa zane mai sanda biyu kawai, a kwance. Ta sama gajeriya, launin toka, a rubuta “Akwai kwamiti: 6 cikin 40”. Ta ƙasa doguwa, ja, “Babu kwamiti: 25 cikin 44”. Ki rubuta lambar a jikin sandar, kada ki sa wancan ɗan akwatin bayanin launi a gefe da zai sa mutum ya riƙa kai da kawo da ido. A can ƙasa da ƙaramin rubutu, “Rahoto, shafi na 29”. Shi ke nan silaid ɗin. Kalmominsa ba su kai 30 ba.

Maganar mazauna cewa suna jiran wanda ya gina ya dawo, wannan ta baki ce, kuma ita ce mafi daɗi. Ki faɗe ta kina kallon wakilin hakimi, ki ba da labarin ƙauye ɗaya da kika gani da idonki. Idan kika rubuta ta a allo kin kashe ta, don ido ya fi baki sauri: kafin ki kai rabin jimlar sun gama karantawa sun koma waya. Mutum ba ya iya karanta wata jimla yana sauraren wata a lokaci guda, ɗaya zai saki, kuma ke za a saki. Jimlar ƙarshe ta tsufa ki jefa ta Notes, idan an tambaya ki amsa.

Haka za ki yi wa jadawalin nan na rijiyoyi 84 da na san kin ɗauko hotonsa kin manna. Ba ya shiga allo. Abin da zai shiga shi ne sanda uku: 19, 8, 4.

Malam Nura:

Baban Khalifa, duk na bi ka har ka zo jimlar ƙarshe, a nan muka rabu. Wannan jimlar ta tsufa ba ado ba ce, ita ce iyakar abin da binciken ya isa ya faɗa. Idan aka ɓoye ta, mai kallo zai tashi da cewa kwamiti ne kaɗai maganin, alhali Hajiya da kanta ta rubuta cewa 28 cikin 44 tsofaffi ne. A cikin masu tallafin nan biyu akwai yiwuwar ɗaya ya san harkar ruwa. Shi ne zai ɗaga hannu ya ce shekarun rijiyoyin fa, sai ya zama kamar an kama ta, ba kamar ita ta faɗa ba.

Akwai abin da ya faru a Amurka da ake yawan kawowa a kan wannan. A 2003 kumbon Columbia ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka rasu. Tun lokacin tashi wani ɓallin soso ya bugi fiffikensa na hagu, kuma yana sama injiniyoyin Boeing suka yi wa manyan NASA bayani da silaid. Edward Tufte, masanin gabatar da bayanai da zane, ya zauna ya feɗe ɗaya daga ciki. Taken yana kwantar da hankali, amma maganar da ta fi kowace nauyi, cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa, tana can ƙasa cikin ƙananan layuka. Kwamitin binciken hatsarin ma ya kawo wannan a rahotonsa. Ba ina cewa famfon tuƙa-tuƙa kumbo ba ne. Ina cewa cika allo yana binne magana, ragewa ma yana iya binne ta, ya danganta da abin da ka zaɓa ka ɗaga.

Ni da zan bar taken yadda ka tsara, amma in sa layi ɗaya a ƙarƙashin sandunan, da girman da za a gani: “28 cikin 44 ɗin nan sun haura shekara 10, tsufa ma na da hannu.” Kuma Hajiya, idan kina da shekarun duka rijiyoyin, ki ware waɗanda ba su kai shekara goma ba ki kwatanta su kaɗai. Idan bambancin ya tsaya, kin sami silaid da ba mai ture shi.

Baban Khalifa:

Malam, da girmamawa, wannan tunanin aji ne. Silaid ɗaya magana ɗaya. Da zarar ka ce “amma” a allo, kansila zai ji “ashe ma ba su tabbatar ba”, kuɗin ya tafi wani wuri. Shekara nawa ina shiga irin zaman nan. Ta faɗa da baki, ya isa.

Malam Nura:

Idan aka tura silaid ɗin ga wanda bai zo ba, bakin yana binsa?

Hajiya Binta:

Yauwa, Malam Nura ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ku kuna magana kamar a zauren abin yake ƙarewa. A ofishinmu ba wanda ke buɗe rahoto, wallahi ko shugabanmu. Bayan taro cewa ake “a turo silaid”, shi ake turawa sama, shi ake ajiyewa. Na taɓa yin irin na Baban Khalifa, hoto da lamba ɗaya, aka yaba a zaure. Bayan sati biyu aka kira ni daga hedikwata wai abin da na turo ba komai a ciki, aka sa wata ta sake yi, ita aka sa wa suna. Har yau abin na ci na. Don haka ni ban ga laifin ogar Maman Ilham ba, ta san mutanenta.

Maman Ilham:

Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Masu tallafin nan kullum sai sun ce a tura musu. Shi ya sa nake ganin gara rubutun ya zauna. Kuma ni gaskiya ban saba magana gaban manya ba, idan rubutun na allo ko na rikice zan karanta.

Baban Khalifa:

To yanzu gaskiya ta fito. Ba don su kika cika allon ba, don kanki ne. Ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara, amma akwai maganinsa da ba sai kin juya wa manya baya kina karanta bango ba. Presenter View. Su suna ganin silaid, ke kina ganin Notes ɗinki da agogo da silaid na gaba a fuskar laftof. Danna Alt+F5 ki gwada a gida ko babu majigi. Ranar, idan an haɗa waya kika ga allon yana nuna daidai abin da ke laftof ɗinki, danna Windows+P ki zaɓi Extend. Sai dai kada ki manna sakin layin rahoto a Notes ki ce za ki karanta, za a ji a muryarki. Rubuta shi yadda za ki faɗa da Hausa, gajeru.

Tsoron tambaya ma da maganinsa. Silaid ɗin da kike jin za a tambaya, jadawalin kuɗi, jerin mazaɓu, hanyar bincike, ki mayar da su bayan na ƙarshe, ki danna dama ki zaɓi Hide Slide. Ba za su fito a jere ba. Rubuta lambobinsu a 'yar takarda. Idan darakta ya ce nawa ne gyaran mazaɓa kaza, ki buga lambar silaid ɗin ki danna Enter, sai ga shi. Wannan ya fi burge mutane fiye da silaid 47.

Hajiya Binta, abin da ya same ki ya faru ne don an tura abin kallo a matsayin abin karantawa. Abu biyu ne, ba a haɗa su a fayil ɗaya. Wanda za a tura, a fitar da shi PDF ta Print a zaɓi Notes Pages, kowane shafi silaid a sama bayaninsa a ƙasa. Ko a tura taƙaitawar rahoton mai shafi biyu. Kuma Maman Ilham, idan shafi 52 ya yi tsada, shafi ɗaya gaba da baya sau 20 bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Ki sa jerin rijiyoyi 19 da kuɗinsu. Idan aka ɗauke wuta ma, shi zai cece ki.

Hajiya Binta:

Aiki biyu ke nan, ita da take da kwana biyu ga yara. Kuma Notes ɗin da ka ce ta rubuta gajeru da Hausa don bakinta, shi za a tura wa masu tallafi?

Baban Khalifa:

Sai ta gyara shi bayan taro. Ba wanda ke cewa a turo a daren.

Hajiya Binta:

Namu suna cewa.

Mubarak Kwamfuta:

Ƙarin bayani, idan da Hausa za ki rubuta taken kuma a laftof ɗin wani za a kunna, ki kula da ƙ da ɗ da ɓ, wani salon rubutun ba shi da su, sai su canza kama ko su koma akwati. File, Options, Save, ki sa alama a Embed fonts in the file. Ki kuma ajiye PDF a filashi.

Sadiya Tela:

Ni dai har yanzu ina mamakin malaman da ke cewa a sa komai sannan su yi shiru.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na zauna har ƙarfe ɗaya. Na yi na shafi na 29 yadda Yaya ya ce kuma ya yi kyau sosai, na sa layin Malam Nura amma da ɗan ƙaramin rubutu. Shekarun rijiyoyin ba duka muke da su ba, don haka ban iya warewa ba. Yanzu sun koma 23. Na kasa cire babin tarihi don a nan aka ambaci masu tallafin, kuma oga ta leƙa da safe ta ce ina manufofi bakwai ɗin nan, a mayar da su yadda suke. Buƙatar tamu na bar ta a ƙarshe, ina ganin rashin ladabi ne in fara da roƙo gaban wakilin hakimi kafin in yi bayani.

Baban Khalifa:

23 a minti 15, daƙiƙa 39 kowanne, ban cire gaisuwa da addu'a ba. Kin gwada da agogo? Kuma ba roƙo na ce ki fara da shi ba. Ki yi gaisuwarki cikakkiya, sannan silaid na biyu ya ce ga abin da muka gano, ga abin da muke nema, sauran hujja ce. Manufofin bakwai ki ɓoye su a baya, ki ce wa oga suna ciki, ai ba ƙarya kika yi ba.

Malam Nura:

Ƙarami nawa, Hajiya? Idan bai kai a karanta daga baya ba, daidai yake da babu.

Maman Ilham:

14 ne. Agogon ban gwada ba tukuna, sai yara sun yi barci. Oga kuma za ta zauna a gaba, za ta gani idan na ɓoye.

Auwal Dizain:

Anti har yanzu ban ga fayil ɗin ba.